Abin da ke Gefen Hoto

Mutane kan ce gani ya kori ji. Edita kuwa shekara tara ke nan tana cin abinci da ji kaɗai, kuma babu wanda ya taɓa kama ta da kuskuren hoto sai a wannan watan.

Jaridarsu ta intanet ce, 'yar ƙarama, a hawa na biyu na wani tsohon bene da ke saman shagon masu gyaran firji. Ɗaki biyu ne da baranda, tebur shida, fanka ɗaya mai kuka kamar ana bin ta da sanda. Edita ce ke sa hannu a kan kowane shafi kafin ya fita. Kafin idonta ya rufe ita ce mai ɗaukar hoton gidan, don haka ta san hoto ciki da bai, ta kuma san yadda yake iya yin ƙarya ba tare da ya buɗe baki ba. Yanzu da kunne take aiki. A kwamfutarta akwai manhajar da ke karanta mata duk abin da ke kan allo, wadda ta raɗa wa suna Aku, saboda ba ta ƙari ba ta ragi, abin da aka rubuta shi take maimaitawa.

Aku ba ta ganin hoto. Abin da take karantawa rubutu biyu ne da ke tare da kowane hoto. Na farko shi ne rubutun ƙasan hoto, wanda kowa ke gani a shafi: su wane ne, ina ne, yaushe ne, wa ya ɗauka. Na biyu shi ne bayanin hoto, wanda ke ɓoye a bayan shafi, mai ido ba ya cin karo da shi sai in hoton ya ƙi buɗewa. Shi wannan an yi shi ne don irin su Edita, ya faɗa musu abin da ido zai gani in ya kalla. Tun da ta hau kujerar ta kafa doka: wanda ya ɗauki hoto shi zai rubuta na ƙasa, wani dabam kuma ya kalli hoton ya rubuta bayanin. Shaidu biyu ke nan. In maganarsu ta dace, kowa ya cike inda ɗan'uwansa ya bari, sai ta sa hannu. In suka saɓa, ta san akwai lauje cikin naɗi.

Mai ɗaukar hoton yanzu ƙanenta ne, Auta, wanda ita ta goya shi, ita ta koya masa riƙe kyamara, shi kuma kullum shi ke kawo ta ofis ya mayar da ita gida tana riƙe da gwiwar hannunsa, sandarta na naɗe a jaka. Mai rubuta bayanin kuma wata mata ce da aka ɗauka wata huɗu da suka wuce, tsohuwar akawun kotu, mai ƙarancin magana. Duk abin da aka tambaye ta sai ta ce, “Abin da na gani ke nan, ba ƙari.” Kafin sati ya zagayo sunan ya bi ta, kowa Ba-Ƙari yake ce mata.

Ranar Laraba da safe Edita ta sa abin jin magana a kunne ta buɗe labarin da za a saki da yamma. An gina wa ɗakin karatu na unguwa gangaren hawa don masu keken guragu. Aku ta karanto bayanin hoton: “Gangaren siminti mai ƙarfen dafawa, ya hau zuwa ƙofar gilashi. A ƙasa daga gefen hagu, buɗaɗɗen lambatu ya ratsa tsakanin titi da gindin gangaren.” Sannan ta karanto rubutun ƙasa: “Sabon gangaren ɗakin karatu, ranar Talata. Yanzu masu keken guragu na shiga kai tsaye daga titi.”

Edita ta dakatar da Aku. Kai tsaye daga titi, alhali ga lambatu a buɗe? Keken guragu dai ba shi da fiffike. Ta ɗaga murya don ɗakin ya ji.

“Hoton ɗakin karatu, shaiduna biyu sun saɓa. Kada kowa ya taɓa shi sai na dawo daga wurin Manaja.”

Manaja mutum ne mai laushin murya, irin wanda zai yanka ka yana tambayar lafiyar iyalinka. Ya ba ta kujera, ya tambayi jikinta, sannan ya dawo kan maganar da ta san zai dawo kanta. Sati biyu da suka wuce sun buga hoton wata makaranta da aka ce an gama yi mata rufi, sai ga masu karatu sun cika shafin da dariya, domin a kusurwar hoton ana ganin aji guda babu kwano ko ɗaya a kansa. A ranar, bayanin da Aku ta karanto wa Edita bai ambaci wannan ajin ba.

“Anti, ni ban ce laifinki ba ne,” in ji Manaja. “Amma masu gidan suna tambaya. Sun ce ko a samo mai ido ya riƙa sa hannu kan shafuka masu hoto, ke ki huta da wannan ɓangaren.”

“Wane shafi ne ba shi da hoto, ranka ya daɗe?”

Ya yi 'yar dariya kawai. Ta gane amsar. In aka sake kuskure ɗaya, kujerar ta tafi, za a bar mata tebur da Aku ta riƙa gyara waƙafi da aya. Ta fito ranta a ɓace, kuma a gaskiya tsoro ya fi ɓacin ran yawa.

Da ta koma teburinta ta sake buɗe shafin. Aku ta ce: “Hoton kyakkyawan gangaren siminti mai ƙarfen dafawa, ya hau zuwa ƙofar gilashi.” Shi ke nan. Lambatu ya ɓace kamar an rufe shi cikin minti ashirin.

Ta sa Aku ta maimaita har sau uku. Sannan ta shiga tarihin gyare-gyaren shafin, inda ake ganin wanda ya taɓa rubutu da lokacin da ya taɓa. An canza shi ƙarfe goma da minti bakwai, daga “Teburin Hoto”. Nan ta yi tsaki. Don rowar Manaja, suna ɗaya da lambar sirri ɗaya aka buɗe wa teburin hoto gaba ɗaya, kuma lambar na rubuce a jikin takarda manne da allo, har mai kawo shayi ya haddace ta. Ba-Ƙari na shiga da ita, Auta na shiga da ita, Manaja ma yana iya shiga daga wayarsa.

Zuciyarta ta fara zagaye ɗakin tana shinshina mutane ɗaya bayan ɗaya. Manaja yana gabanta a lokacin, amma ta ji yana latsa waya yana mata magana, kuma ba a san wanda ya yi wa alkawarin kujerar ba. Auta bai ma shigo lissafi ba, wa zai zargi hannunsa na dama? Sai Ba-Ƙari. Kafin zuwanta ba a taɓa samun irin wannan ba. Wa ya kawo ta? Manaja. Me ya raba ta da kotu? Ba wanda ya sani. Mace ce da ba a jin motsinta, sai dai ka ji ƙamshin man zafin da take shafawa a gwiwa ka san tana bayanka. Biri fa ya yi kama da mutum. Ta rubuta gaskiya da safe don ta wanke kanta, ta goge da hantsi don Edita ta sa hannu a kan ƙarya.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Edita a wuya. Ta sha gaya wa ma'aikata kada a fara bayani da kalmar “hoton”, domin Aku da kanta tana sanar da mutum cewa hoto ne, maimaitawa ɓata lokacin mai saurare ne. Ta kuma hana kalmomi irin su “kyakkyawa”, tana cewa a faɗa wa makaho abin da ke wurin, shi ya yanke wa kansa ko da kyau ko babu. Ba-Ƙari ba ta taɓa karya ko ɗaya daga cikin biyun ba. Amma Edita ta ce a ranta, ai ɓarawo mai wayo takalmin wani yake sawa.

Da rana Auta ya kawo mata shayi kamar kullum, ya ajiye a inda hannunta ya saba samu.

“Yaya, kin yi shiru yau. Ko Manaja ya sake yi miki wa'azi?”

“Auta, akwai lambatu a hoton nan ko babu?”

Ya ɗan jinkirta. “Ɗan abu ne a gefe, Yaya. Inuwa ce kusan. Kin san matar nan, ko ƙuda ya gifta sai ta rubuta shi.”

“To wa ya goge?”

“Wataƙila ita ce ta ga ta yi yawa. Ki sa hannu kawai mu wuce wurin, labari ne mai daɗi.”

Ta yarda da shi, yadda ta saba yarda in ya ce mata akwai mataki a gabanta. Ta sa aka kira mata Ba-Ƙari zuwa baranda, ta rufe ƙofar barandar don kada ɗakin ya ji. Ƙarar injin masu gyaran firji na tasowa daga ƙasa.

“Malama, ni ba na son kewaye-kewaye,” in ji Edita. “Da safe kin rubuta lambatu. Da hantsi lambatu ya tafi. Ranar makarantar nan ma haka aka yi mini. Wa ya aiko ki?”

“Anti, ban gane ba.”

“Kin gane. In kujerata ake so a zo a faɗa mini a fuskata. Ba na gani, amma ban mutu ba.”

Edita ta ɗauka ta kama ta. Sai ta ji an buɗe zif ɗin jaka, ta ji ƙarar takarda.

“Shekara ashirin da biyu ina rubuta abin da shaidu suka faɗa,” in ji Ba-Ƙari. “Ban taɓa sa wa mutum maganar da bai yi ba, ban taɓa cire masa ba. Kuma na saba, ba na buga komai a na'ura sai na fara rubuta shi da biro. Ga littafina. Kowane hoto da ranarsa da lokacinsa. Ki kira duk wanda kika yarda da idonsa ya karanta miki, tunda ni ba ki yarda da ni ba.”

Wannan maganar ta soki Edita, amma ba ta nuna ba. Littafi ai ana iya cika shi a zama ɗaya.

“Karanta da kanki. Fara da makarantar.”

“Ranar sha ɗaya ga wata. Dogon ginin azuzuwa mai sabon rufin kwano shuɗi. Daga can gefen dama, aji na ƙarshe babu rufi, sai katako tsirara.”

“Wannan ba shi na ji ba.”

“Na sani. Washegari na ga an cire. Na ɗauka ke ce kika cire, Anti, na ce ke ce babba, kin san abin da kike yi. Shi ya sa ban yi magana ba. Ni ma zargin ki nake yi tun ranar.”

Wato sati biyu suna zaune tebur na kallon tebur, kowace na yi wa 'yar'uwarta kallon munafuka.

“Ci gaba,” ta ce. “Koma baya. Karanta mini duk na wata biyun nan.”

Ba-Ƙari ta riƙa juya shafi tana karantawa da muryarta ta kotu, wadda ba ta hawa ba ta sauka. Taron masu sayar da kayan gwari: mata shida a bayan tebur, ta bakwai a gefen hagu an yanke ta, kafaɗarta kawai ta fito. Sabuwar motar kwasar shara: motar a tsakiya, a kusurwar ƙasa yatsan mai ɗaukar hoto ya rufe wani ɓangare. Gasar gudu ta 'yan makaranta: yara uku na gudu a tsakiya, wadda ta zo ta ɗaya tana bakin hoton daga dama, rabin jikinta ya fita. Likita a ofishinsa: fuskar ta fito sarai, a gefe wani mutum na cin abinci a bayan labule.

“Tsaya,” in ji Edita. “Na sauran masu aiko mana hoto fa, su ma haka suke?”

“A'a. Nasu lafiya lau. Waɗannan duk na ƙanenki ne. Tsakiyar hotonsa ba ta da makusa, Anti. Gefen ne kullum kamar ba shi ya ɗauka ba.”

Edita ta lalubi ƙarfen baranda ta riƙe. Yawancin waɗannan bayanan ta ji su a lokacinsu, ɗaya yau ɗaya jibi, ta ɗauke su tsabar ƙa'idar tsohuwar akawu, ta sa a datse hoton ko a sauya shi, ta wuce. Sai yau da aka jera mata su a jere ta ji abin da suke faɗa. Ta san wannan labarin, domin nata ne. Shekara goma sha uku da suka wuce, tsohon editan gidan ya jefa mata hotuna a kan tebur yana cewa, “Ke wai ba kya duba gefen hotonki ne?” A lokacin ita ma tsakiya take gani tar, kamar mai leƙe ta cikin bututu, ba ta san gefen duniya ya fara tafiya ba. Likita ya ce ciwon na bin jini. Mahaifinsu ya yi shi, ita ta yi shi, suka yi ta godiya ga Allah da ya tsallake Auta.

Sai ƙananan abubuwa suka riƙa dawo mata. Kofin da ya ture da gwiwar hannu ranar Lahadi. Yadda ya daina tuƙa babur ya ce mai ya yi tsada. Yadda kwanan nan yake rage sauri a matakalar bene, inda ƙwan lantarkin ya mutu, ita kuma tana tsokanarsa wai tsufa ya kama auta.

“Malama,” ta ce a hankali, “na ci zarafinki a banza. Ki yafe mini.”

“Ba komai, Anti. Zato zunubi, ni ma na yi nawa.”

“Ki turo mini Auta. Ki ce ya zo da kwamfutarsa.”

Kafin ya iso ta koma teburinta ta lalubo murfin gilashin kyamararsa, wanda kullum yake mantawa kusa da kofinta, ta dunƙule shi a hannu. Har a wannan lokacin tana roƙon Allah ya sa ta yi kuskure, ya zama lalaci ne kawai ko sakaci, abin da faɗa ɗaya zai gyara.

Auta ya shigo baranda ya ja kujera ya zauna a damarta, ya buɗe kwamfutar a kan cinyarsa.

“Buɗe hoton gangaren,” ta ce. “Kalle shi da kyau ka faɗa mini abin da ke ciki, kamar yadda na koya maka. Kada ka ɗauke ido daga kansa.”

Ya fara. Ya ce ga gangare, ga ƙarfen dafawa mai fenti rawaya, ga ƙofar gilashi, ga takardar sanarwa manne a jikinta. Muryarsa ta nuna mata daidai inda fuskarsa take. Tana cewa “uhm, ci gaba”, ta miƙa hannunta a hankali zuwa gefen fuskarsa na hagu, murfin na kan tafinta, kusa har tana jin ɗumin kumatunsa. Ta riƙe shi a nan. Ya gama da ƙofa ya koma kan fentin bango. Ta ɗan kaɗa hannun. Ya ci gaba da magana a kan inuwar bishiya. Ta ƙirga har ashirin a zuciyarta, hannunta ya fara gajiya.

“Auta, karɓi murfinka.”

“Yana ina?” Ta ji kujerar ta motsa, ya juya kansa, sai kuncinsa ya taɓa yatsunta. Ya yi wani ɗan sauti kamar wanda ya taka ƙaya.

A ƙasa wani ya kunna injin walda ya kashe.

“Tun yaushe?” ta tambaya.

“Yaya...”

“Tun yaushe, na ce.”

“An kusa shekara. Da yamma ya fara, in haske ya ragu. Sai gefe.” Ya rufe kwamfutar. “Wallahi ban ga lambatun nan ba lokacin da nake ɗauka. Ta gefen bango na bi na shiga, na tsaya a tsakiyar titi na ɗauka, mai gadin ya ce mini yanzu kowa na shiga kai tsaye, na rubuta. Sai da na ji kin yi magana da safe na karanta abin da matar nan ta rubuta, na bi hoton da ido kusurwa kusurwa, na gan shi. Ƙato ne, Yaya. Ba inuwa ba ce.”

“Sai ka goge.”

“Na tsorata. Na ce in aka ci gaba da jera kuskurena a rubuce, ke ce za ki fara ganewa. Ke kaɗai ce a ginin nan za ki ji waɗannan bayanan ki san ma'anarsu.”

“Ka san me ka goge?” Muryarta ta tashi duk da ba ta so ba. “Ba rubutun matar nan ka goge ba. Idona ka goge. Mai ido zai buɗe shafin ya ga lambatun da kansa ya yi mana dariya. Ni da ire-irena kaɗai ka yi wa ƙarya. Kuma da wani mai keke ya karanta rubutun ƙasan nan ya yarda da mu ya kama hanya, sai ya je ya tarar da rami. Saura kaɗan na kori baiwar Allah a kan laifinka.”

“Wa zai riƙa kawo ki aiki in aka sani?” ya ce. “Wa zai riƙa gaya miki inda za ki sa ƙafa?”

Haushinsa take ji sosai, tausayinsa kuma ya fi haushin, har ta rasa wanda za ta fara da shi. Ta lalubi hannunsa ta sa masa murfin a ciki ta dunƙule yatsunsa a kai.

Ƙarfe huɗu suka gyara shafin su uku a teburin Edita. Ba-Ƙari ta mayar da bayaninta daga littafi, kalma da kalma. Auta ya kira ɗakin karatun ya tambaya, aka ce masa murfin lambatun bai iso ba tukuna. Ya rubuta sabon rubutun ƙasa, Aku ta karanto su a jere. Bayanin ya ce ga gangare, ga ƙarfe, ga lambatu a buɗe a gefen hagu. Na ƙasa ya ce: “Sabon gangaren ɗakin karatu, ranar Talata. Ma'aikatan wurin sun ce ba za a fara amfani da shi ba sai an rufe lambatun da ke gabansa.” Ɗaya ya faɗi abin da ake gani, ɗayan ya faɗi abin da ba a gani. Edita ta sa aka sauya kan labarin da sakin layi na farko, sannan ta sa hannu.

Daga nan ta tafi ofishin Manaja ita kaɗai. Ta gaya masa an canza bayanin hotuna biyu a bayan idonta, ta gaya masa wanda ya canza da dalilinsa, domin ta san in ta rufa wa Auta asiri, zargin zai koma ya kwanta a kan Ba-Ƙari. Ta ce daga gobe kowa da sunansa da lambarsa a na'ura, ko da kuɗin zai fito daga albashinta. Laushin muryar Manaja ya gudu. Ya ce zai kai wa masu gidan maganar yadda take, kujerarta da kyamarar Auta duka, ba zai iya yi mata alkawarin komai ba. Ta ce ba ta roƙi alkawari ba.

Ƙarfe biyar da rabi ma'aikata suka watse. Auta ya tsaya a bakin ƙofa yana jiranta kamar kullum, ya matso da gwiwar hannunsa ta taɓa hannunta don ta kama. Matakalar na gabansu, ƙwan nan da ya mutu tun watan jiya har yanzu ba a sauya shi ba. Ta ji yadda numfashinsa ya canza, ta ji ƙafarsa na shafa ƙasa tana neman bakin matakin farko. Wata nawa ke nan yana saukar da ita a nan da addu'a a bakinsa, ita ba ta sani ba?

Ta buɗe jaka ta ciro sandar da ta shekara tara ba ta buɗe ta a gabansa ba. Ta warware ta, gaɓoɓin suka shiga juna ƙas, ƙas, ƙas.

“Saki,” ta ce. “Kai kama nawa.”

“Yaya, ai ina iya...”

“Kama, Auta. Sama da gwiwar, kada ka matse. Ka tsaya rabin taki a bayana, in kafaɗata ta sauka ka san mataki ne.”

Yatsunsa suka kama hannunta, suna da sanyi. Ta buga sandar a bakin matakin.

“Goma sha ɗaya ne, sai fili, sai goma sha ɗaya. Na bakwai bakinsa ya ɗan karye daga gefen hagu, ka sa ƙafa a tsakiya.”

“Ban taɓa lura ba,” ya ce.

“Na sani,” in ji ta, ta sauke ƙafa a mataki na farko, ya biyo ta.